Darasi: Takardar Neman Ƙarin Lokaci

A darussan baya mun koyi rubuta takardar gaisuwa da ta neman aiki. Yau za mu koyi wadda ma'aikaci yakan rubuta wa mai aiki idan ya ga ba zai gama a ranar da suka yanka ba. Magini da kafinta da mai haƙa rijiya duk suna bukatarta.

Idan muka karɓi aikin mutum muka sa masa rana, mun ɗauki alkawari ke nan, alkawari kuwa kaya ne. In wani abu ya tare mu muka yi shiru har ranar ta wuce, mai aiki zai ce mun yi ha'inci. Yana iya riƙe sauran kuɗinmu, ko ya ba wani aikin, ko ya kai mu ƙara. A gaban alƙali kuwa, maganar baka takan zama "na faɗa maka" da "ba ka faɗa mini ba." Takarda mai kwanan wata ita ke raba gardama.

Abu uku ne tilas su shiga cikinta. Na ɗaya, abin da ya kawo jinkirin da ranar da ya faru. Na biyu, ayyukan da ya tsayar. Na uku, yawan kwanakin da muke nema a ƙara mana, da sabuwar ranar gamawa.

Bari mu yi misali. A ce wani magini ya karɓi ginin shago mai ɗaki biyu a ƙauye, zai gama ran 30 ga Satumba. Mai shagon wani Alhaji ne da ke zaune a birni. Mota za ta kawo bulo 600 ran 10 ga Agusta. A daren 9 ga wata aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya kawo, ya cinye hanya, mota ta kasa ƙetarewa.

Da farko mu duba dalili. Kowa ya san a ƙasar Hausa watan Agusta shi ne tsakiyar damina. Wanda ya karɓi gini a lokacin ya san za a yi ruwa, saboda haka yayyafin yini ɗaya ba hujja ba ne. Amma ambaliyar da ta yanke hanya ta fi ƙarfinsa. Haka kuma idan mai aiki ne ya makara wajen ba da kuɗin siminti, ko ya ce a ƙara taga bayan an fara, wannan ma hujja ce. In kuwa leburorin magini ne suka tafi biki kwana 2, ko shi ya manta bai sayi ƙusa ba, laifinsa ne, ba zai sa su cikin lissafi ba.

Maginin nan bai jira hanya ta buɗe ba. Ran 10 ga wata ya aika da gajeriyar takarda ta hannun mai babur, ya ce hanya ta yanke, bulo bai iso ba, zai aiko da lissafin kwanaki da zarar mota ta zo. Wannan ya ba Alhaji damar ya nemi wata dabara tun da wuri. A manyan kwangiloli ma ba a yarda da jinkirin sanarwa. Cikin sharuɗɗan kwangila da ƙungiyar injiniyoyi mai suna FIDIC ta fitar a 1999, ɗan kwangilar da bai ba da sanarwa cikin kwana 28 da sanin abin ba ya rasa haƙƙinsa na ƙarin lokaci.

Yanzu sai lissafi, a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Mota ta iso da yamma ran 17 ga Agusta. Daga 10 zuwa 17 ga wata kwana 8 ke nan. To, kwana 8 zai nema? A'a. Yana da bulo 300 a ajiye a wurin aiki, yana ɗora 100 kowace rana. Watau ya yi aiki ran 10 da 11 da 12. Ranakun da ya zauna hannu rabbana su ne 13 zuwa 17. Idan muka ɗebe 3 daga 8, saura 5. Kwana 5 ne haƙƙinsa. In ya nemi 8, Alhaji ya tambayi maƙwabta suka ce sun ga ana gini, ba zai ƙara gaskata shi ba.

Mu lura kuma, ba dukan aiki ne ya tsaya ba. Ba a ɗora katako da kwano sai bango ya kai, ba a yin filasta da daɓe a ɗaki cikin damina sai an rufa shi. Waɗannan suna bin juna, in na farko ya ja baya duk sun ja baya. Amma kafinta yana rumfarsa yana haɗa ƙofofi da tagogi, ruwa bai hana shi ba. Ga takardar da maginin ya rubuta:

18 ga Agusta

Zuwa ga Alhaji,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ranka ya daɗe, kamar yadda na sanar da kai a takardata ta 10 ga Agusta, ruwa ya yanke hanya, motar bulo ta kasa zuwa. Ta iso jiya da yamma. Direba da mai unguwa shaida ne.

Na yi aiki kwana 3 da bulon da ke hannuna. Ginin bango ya tsaya daga 13 zuwa 17 ga wata. Wannan zai ja da rufi da filasta da daɓe baya. Aikin ƙofofi da tagogi bai tsaya ba.

Don haka ina roƙon ƙarin kwana 5, ranar gamawa ta koma 5 ga Oktoba maimakon 30 ga Satumba. Ba na neman ƙarin kuɗi. Ina roƙo ka aiko da amsa a rubuce.

Haza wasalam.
Ni ne magininka.

Ya sa hannu a ƙasa. Ya rubuta ta sau biyu, ya aika da ɗaya, ya adana ɗaya. Ya ambaci kuɗi ne domin ƙarin lokaci dabam, ƙarin kuɗi dabam. Da ruwa ya ɓata masa siminti yana son a biya shi, sai ya faɗi buhu nawa da kuɗinsu filla-filla. Kuma roƙo ne ya yi. Ranar gamawa ba ta sauya ba sai Alhaji ya amsa, shi ya sa ya nemi amsa a rubuce.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne tilas su shiga wannan takarda?
2. Me ya sa maginin ya nemi kwana 5 maimakon 8?
3. Da bulo 500 ke hannunsa ran 10 ga wata, kwana nawa zai nema?
4. Wane aiki ne bai tsaya ba, kuma don me?

Aikin gida: A ce kai mai haƙa rijiya ne, ka ci karo da dutse. Rubuta wa mai rijiyar takarda irin wannan, ka kawo wa malami ya duba.