Yadda za ka yi wa mahaifinka addu'a a daren farko

An kai Baba makwancinsa da la'asar, masu ta'aziyya sun watse, ka shiga ɗaki kana son yi masa addu'a amma baki ya yi nauyi. Kada ka jira sadakar uku ko ta bakwai malamai su yi a madadinka. A hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, ɗa na gari mai addu'a na cikin abubuwa uku da ba sa yankewa ga mamaci, kuma 'ya mace na ciki.

Ka yi alwala, ka fuskanci alƙibla. Sulusin dare na ƙarshe ya fi, sai kuma tsakanin kiran salla da iƙama. Idan Larabci bai zauna maka ba, ka yi nafila raka'a biyu, ka sallame, ka ɗaga hannu ka roƙa da Hausarka. Fara da yabon Allah da salatin Annabi (SAW).

Sannan ka fara da abin da Baba ya fi buƙata yau: gafara, da tabbata wajen amsa tambayar kabari. Abu Dawud ya ruwaito cewa su ne Annabi (SAW) yake umartar sahabbai su roƙa wa mamaci da zarar an gama binne shi. Bayan nan ka kawo abin da ku 'ya'yansa kaɗai kuka sani. Misali: "Ya Allah, ga bawanKa, mahaifina, ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka tabbatar da harshensa, Ka yalwata kabarinsa. Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ya yi ta fita da asuba cikin hunturu don mu ci, mu yi karatu. Ka saka masa da Aljanna. Laifin da na yi masa ban samu neman yafiya ba, Ka yafe mini." Irin wannan roƙo shi ke fitowa daga zuci, kuma a ganina ya fi doguwar addu'ar da ka haddace ba ka san ma'anarta ba.

Idan hawaye ya zo, bar shi ya zubo. Annabi (SAW) ma ya zubar ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin gudu shi ne kururuwa da maganar da ke ƙorafi kan hukuncin Allah. Kada kuma ka ce "Ka gafarta masa in Ka so", domin an hana. Ka roƙa kai tsaye.

Da gari ya waye, ka tambayi Inna da abokan cinikinsa ko ana binsa bashi, ko na mai kanti ne a bakin layi. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini na rataye da bashinsa har sai an biya. A biya kafin a zauna rabon gado.