Kafin Ki Saki Tallar Man Nan

'Yata, man da kika haɗa mai kyau ne, kuma na ga tallar da kike shirin saki ranar da za ki fara sayarwa. Kin rubuta cewa yana haskaka fata cikin kwana uku, yana goge nankarwa, yana kashe kyasbi, kuma ba shi da illa ko kaɗan. Zauna mu duba abin da ke cikin robar tukuna, don daga nan ya kamata talla ta fito.

A kowace roba mai giram 100 kin zuba man kaɗanya giram 70, man kwakwa 20, man zaitun 10. Dukkansu maiƙo ne, kuma aikin maiƙo a jiki shi ne ya rufe saman fata ya hana danshinta tashi. Shi ya sa ya fi aiki idan an shafa bayan wanka jiki bai gama bushewa ba, shi ya sa kuma yake tausasa kaushi, ya sauƙaƙa faso, ya kawar da furu-furun ƙafa a hunturu. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma kina iya rantsuwa a kansa.

Sauran alkawuran fa? Nankarwa tabo ce a can ƙarƙashin fata, inda ta tsage saboda ciki ko ƙiba, man shafawa ba ya ɗinke ta, lokaci ne ke dusar da ita. Kyasbi kuwa ƙwayar cuta ce dangin ta makero, maganinsa yana kemis, maiƙo ma yana iya ƙara masa ƙarfi. Idan mai kyasbi ta saya saboda maganarki, ta yi wata guda tana shafawa abin yana yaɗuwa, kin ci kuɗinta kin kuma jinkirta mata magani.

Maganar haske ita ta fi damuna. Saman fata kan ɗauki wajen mako huɗu kafin ya sabunta, don haka man da ya canza launin mutum cikin 'yan kwanaki akwai abin da aka zuba masa, galibi sitiroyid ko haidurokwinon. Kin ga masu shafa irinsu: fuska jajir, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, jijiyoyi kore-kore sun fito, fatar ta yi siriri har ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Da kin rubuta "haske cikin kwana uku", ko dai a gane ƙarya ce tun sati bai cika ba, ko kuma masu hankali su zaci ke ma kina zuba irin waɗancan.

"Ba shi da illa" ma ki goge. Man kwakwa kan toshe ƙofofin fata ya fito wa wasu da ƙurajen fuska, wani jikin kuma ba ya shiri da turare in an ɗiga a ciki. Da ni ce, ga yadda zan rubuta:

"Assalamu alaikum. Daga yau na fara sayar da man shafawa da nake haɗawa da hannuna a gida. Abin da ke ciki: man kaɗanya, man kwakwa da man zaitun, ba ruwa, ba sinadarin bilicin. Yana tausasa busasshiyar fata da kaushi, musamman a hunturu. Ba ya canza launin fata, ba maganin cuta ba ne. Mai maiƙon fuska ta tsaya a jiki kawai. A fara shafa kaɗan a cikin hannu a jira kwana biyu, in an ga ja ko ƙaiƙayi a bari. Ranar haɗawa tana jikin roba, a ƙarar da shi cikin wata shida."

Ki ƙara cewa zafin bazara yana narkar da kaɗanya, in ta sake daskarewa takan yi tsaki-tsaki, kuma wannan ba lalacewa ba ne. Lalacewa ita ce warin tsohon mai ko ɗigon baƙi a samansa, wanda yawanci jiƙaƙƙen yatsa ke jawowa. Lambar NAFDAC kuma kada ki ari ta kowa, sai kin yi taki rajistar. Hoton da za ki sa ya zama na robar a buɗe cikin hasken rana, ban da tace fuska da waya.

Za a kira ki a ce, "Hajiya, yana sa fari?" Ki ce a'a kai tsaye, ki tambaye ta ko fatarta na bushewa. In ta ce e, ki sayar mata. In kuwa ta ce tana shafa man bilicin ne fuskarta ta fara ƙonewa, ki tura ta asibiti wajen likitan fata, don yanke mai sitiroyid lokaci guda kan sa fuska ta ƙara rikicewa.