Ka faɗa wa injin bidiyo abin da ido zai gani

Mai tallan kaya da yake son injin AI ya haɗa masa ɗan bidiyon marina yakan rubuta: "Kyakkyawan bidiyo mai ban mamaki na marinar Ƙofar Mata a Kano." Abin da zai fito yakan ba shi haushi: launuka masu ƙyalli, kyamara tana yawo, mutane da tufafin wata ƙasa.

Dalilin shi ne "kyakkyawa" hukuncin mai kallo ne, ba siffa ba ce. An horar da injin da tarin hotuna da bidiyoyi masu bayani a jikinsu, kuma wannan kalma tana maƙale da furanni, da fuskoki, da faɗuwar rana. Da ya rasa takamaiman abu, sai ya ba ka tsaka-tsakinsu.

Maimakon haka, ɗan'uwa, ka rubuta: dattijo sanye da hula yana zaune a bakin ramin rini, yana tsoma farin ƙyalle a ruwan baba, ya ɗago shi yana ɗiga shuɗi. Hasken hantsi daga hagu. Kyamara a tsaye daidai ƙirjinsa, tana matsowa a hankali.

Motsin nan shi aka fi mantawa, alhali shi ya raba bidiyo da hoto. Yawancin waɗannan injuna 'yan daƙiƙoƙi suke fitarwa a lokaci guda, don haka aiki ɗaya ya isa. Idan ka ce ya tsoma, ya matse, ya shanya, ya gaida baƙo, yatsunsa za su iya narkewa cikin ƙyallen. In ka ga haka, rage aikin, kuma ka riƙa sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, don ka gane wanne ya gyara.