Ciwon suga: a tauna, kada a matse

'Yan uwa mata, tambayar da aka fi yi min a zaman adashi ita ce: mai ciwon suga za ta iya shan mangwaro ko lemon zaƙi? Eh, za ta iya, amma da awo. Abin da ya fi cutarwa shi ne zaƙin da ake kurɓa a kofi ko a kwalba.

Mu ɗauki lemon zaƙi. Guda ɗaya matsakaici yana da suga kamar ƙaramin cokalin shayi 3. Idan kika ɓare shi kika tauna har da zare-zaren ciki, waɗannan zare-zare suna rage saurin shigar sugan cikin jini, kuma ki ji ciki ya ɗan cika. Amma kafin a cika kofi ɗaya sai an matse lemo 3, an zubar da zaren. Kin ga kenan cokali 5 zuwa 6 kika shanye cikin minti ɗaya, kusan daidai da kofi ɗaya na lemon kwalba na shago. Yadda muka saba, a fere lemo a tsotse ruwan a jefar da sauran, shi ma matsewa ne. Don haka ko an rubuta a jikin kwali cewa ba a ƙara suga ba, sugan ɗan itacen yana nan ciki.

Awon da nake ba da shawara a zama ɗaya: lemo ɗaya, ko gwaiba ɗaya, ko ƙaramin mangwaro ɗaya, ko yanka ɗaya na kankana, ko dabino 2. Ɗaya daga ciki fa, ba duka ba. Lokacin mangwaro ne aka fi samun matsala, a zauna gaban kwano a tashi da biyar.

Wasu suna cewa zuma da mazarƙwaila ba suga ba ne. Jini bai san wannan bambancin ba, dukansu suna ɗaga shi. Haka zoɓo da tsamiya, tsaminsu ɓoye zaƙin kawai yake yi. Masu sayar da zoɓo a cikinmu sun fi kowa sanin yawan sugan da suke zubawa a bokiti. A ɗibar wa mai ciwon nata kafin a sa suga, citta da kanumfari sun ishe shi ɗanɗano.

Wuri ɗaya ne abin sha mai zaƙi yake zama magani. Mai shan ƙwayar suga ko yin allurar insulin, idan ba ta ci abinci ba, suganta na iya faɗuwa: rawar jiki, gumi, jiri, yunwa mai tsanani. A ba ta rabin kofin lemon kwalba, ko suga ƙaramin cokali 4 a ruwa. A jira minti 15, in bai lafa ba a ƙara, sannan ta ci abinci. Idan ta suma kada a ɗura mata komai a baki don za ta iya shaƙewa, a kai ta asibiti nan take.