Waƙa a Bakin Mai Ita

Ɗana, na ji an ba ka darasin kwatanta addinai, kuma makon Triniti da Tauhidi ya matso. Na san zuciyarka fara ce. Amma a ajin nan akwai ɗan liman, akwai 'yar fasto, kuma da yamma kowa zai koma gida da abin da ya ji daga bakinka. Magana zarar bunu ce.

Ma'aunin adalci a nan guda ne. Idan ka gama bayanin aƙida, mai ita ya gyaɗa kai ya ce, lallai haka muka yi imani. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In mai ita bai gane ta ba, to ba ita ka koyar ba.

Fara da Triniti. Kada ka ce Kirista na bauta wa alloli uku. Ba haka suke cewa ba. Suna cewa Allah ɗaya ne a zatinsa, kuma Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki kowanne Allah ne cikakke, amma Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba. Wannan lafazi bai zauna a rana ɗaya ba. Wani malamin coci a Iskandariyya, Ariyus, ya koyar da cewa Ɗa halitta ne. Taron Nikiya na shekarar 325 ya ƙi maganarsa, ya ce zatin Ɗa da na Uba ɗaya ne. Taron Kustantiniyya na 381 ya ƙara bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. Ka kuma gaya wa ɗalibai cewa "Ɗa" a wurinsu ba haihuwar miji da mata ba ce. Su ma sun ƙi wannan fahimta.

Yanzu ga ramin da malamai masu kyakkyawar niyya ke faɗawa. Don sauƙaƙawa sai su kawo misalin ruwa: wani lokaci ƙanƙara, wani lokaci ruwa, wani lokaci tururi. Yana da daɗin ji, amma ka bar shi. Misalin yana nuna abu ɗaya ne mai sauya kama, wato ra'ayin da ake jingina wa Sabiliyus, wanda coci ta ƙi tun ƙarni na 3. Duba labarin baftismar Yesu a Matiyu sura 3. Ɗa yana kogin Urdun, Ruhu yana saukowa, muryar Uba tana zuwa daga sama, duk a lokaci guda. Ba sauya kama ke nan ba. In ka koyar da misalin ruwa, ɗalibi Musulmi zai yi shekaru yana musu da abin da babbar coci ba ta yarda da shi ba, 'yar faston kuwa za ta yi shiru, ta daina amincewa da kai.

Tauhidi ma kada ka maishe shi ƙidaya kawai. Wanda ya karanta Ummul Barahin ta Sanusi a zaure ya san kaɗaitakar Allah ta shafi zati da siffofi da ayyuka: ba ya rarrabuwa, ba shi da kini, ba mai halitta tare da shi. Musulmi ma sun sha muhawara a nan. Mu'utazilawa sun ji tsoron kada ilmi da iko da magana su zama wasu daɗaɗɗun abubuwa ban da Allah. Ash'ariyya suka amsa cewa siffofin ba su ne ainihin zatin ba, kuma ba waninsa ba ne.

A nan wani ɗalibi mai kaifi zai ɗaga hannu ya ce, ashe Triniti kamar siffofi ne? Ka yaba masa, don marubuta Kirista na zamanin Abbasiyawa sun taɓo wannan kamanci. Sannan ka nuna masa iyakarsa. A wurin Kirista, Ɗa yana magana da Uba, kuma ya zama mutum. A wurin Musulmi siffa ba ta haka, kuma Suratul Ikhlas da aya ta 171 ta Nisa'i sun rufe ƙofar. Saɓanin na gaske ne. Ɓoye shi don a zauna lafiya ragi ne ga ɓangarorin biyu.

Ranar jarrabawa kada ka tambayi wacce ce gaskiya. Wannan na masallaci da coci ne. Ka ce kowa ya bayyana aƙidun biyu yadda masu su za su yarda, ka ba da maki a kan daidaito. Kafin ka shiga aji kuma, ka ba abokin aikinka na ɗaya addinin takardarka ya duba maka, ka karɓi gyaransa ba tare da ɗaure fuska ba.

Allah ya yi maka jagora, ɗana.