Ƙa'idojin Fassarar Takardar Shaidar Karatu: Misali daga Sakamakon WAEC

Fassarar takardar shaidar karatu da za a miƙa wa hukuma a ƙasar waje ta bambanta da fassarar adabi. A adabi ana ba mai fassara damar kusanto da ma'ana ga al'adar mai karatu. A nan kuwa aikinsa shi ne ya nuna abin da ke rubuce, ba ya yanke hukunci kan darajarsa ba. Wannan darasi zai duba sakamakon WAEC da aka fassara daga Ingilishi zuwa Faransanci don neman gurbin karatu a Faransa.

Babbar matsala tana wajen maki. Hukumar WAEC tana jera sakamako daga A1 zuwa F9, yayin da makarantun Faransa suke auna maki bisa 20, inda 10 ne matakin cin jarrabawa. Idan ɗaliba ta sami C6 a Lissafi da D7 a Kimiyyar Sinadarai, ba a yarda mai fassara ya mayar da su 11 ko 10 bisa 20 ba. Haka kuma kuskure ne ya fassara duka biyun da kalma ɗaya mai nufin “ta ci”, domin C6 kiredit ne, D7 kuwa fas ne kawai, kuma kiredit biyar jami'o'in Nijeriya suke nema. Abin da ya dace shi ne a bar alamomin yadda suke, a fassara bayanin matakan idan yana jikin takardar. Daidaita darajar takarda aikin cibiyar ENIC-NARIC ne da jami'ar da aka nema.

Haka sunaye suke. Idan an rubuta Usman, ba za a mayar da shi bisa rubutun Faransanci ba, domin harafi ɗaya da ya saɓa wa fasfo yana iya sa a mayar da takardar. Ko da kuskure ne daga hukumar jarrabawa, sai a kwafe shi, a yi nuni da shi a sharhin mai fassara.

Ba a tsallake komai. Hatimi, sa hannu da hoto duk ana ambaton su cikin baka mai kusurwa a gurbin da suka fito, wurin da bai karantu ba kuma a faɗi haka. Wannan ne ya sa ake fara kai takarda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ta Harkokin Waje don tantancewa kafin a fassara, saboda hatimansu su shiga cikin fassarar.

A ƙarshe, mai fassara yana shaida cewa fassarar ta yi daidai da asali, ya bayyana ko ainihin takardar ya gani ko kwafinta, ya sa suna, kwanan wata, hatimi da sa hannu. Hukumomin Faransa galibi suna neman wannan shaida daga mai fassarar da ya yi rantsuwa, wanda sunansa yake cikin jerin kotun ɗaukaka ƙara.