Koyon Aiki a Ma'aikata: Yadda Za a Gane Takardar Gaskiya da Ta Macuta

Idan lokacin fita koyon aiki ya gabato, ɗalibai da iyayensu sukan shiga neman wurin da zai karɓi yaro, kuma a daidai wannan lokaci ne macuta suke baza tarkonsu. Abin da ya kamata kowa ya fara sani shi ne yadda tsarin yake tun asali, domin wanda ya san hanya ba a cika ɓatar da shi ba.

A shekarar 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, wanda hedkwatarsa take Jos. A 1973 asusun ya fito da shirin SIWES, domin ɗaliban fannonin fasaha, kimiyya, aikin gona da makamantansu su je ma'aikatu su ga da idonsu abin da ake koya musu a aji. Galibi ɗalibin jami'a yakan yi wata shida, na kwalejin fasaha da na kwalejin ilimi kuma wata huɗu. Makaranta ce take ba ɗalibi takardar gabatarwa, shi kuma ya kai ta ma'aikatar da yake so. Idan sun amince sai su ba shi takardar karɓa, ya mayar da ita ofishin SIWES na makarantarsa. Akwai littafin da zai riƙa rubuta aikin da ya yi, mai kula da shi ya sa hannu, malami kuma ya zo daga makaranta ya duba shi. A lura da inda kuɗi yake dosa a cikin wannan tsari. Ɗan alawus ɗin da aka tanada daga gwamnati yake fitowa zuwa ga ɗalibi, wasu ma'aikatu ma sukan ƙara masa na mota. Babu inda aka ce ɗalibi ya sayi gurbi.

To, bari mu buga misali. A ce ga wani ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe, mazaunin unguwar Barunde, ya yi mako uku yana kai takardarsa ofis ofis ba a kira shi ba. Ran nan sai ga saƙo a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, wai wani babban kamfani yana neman masu koyon aiki, za a riƙa biyan naira dubu sittin a wata, gurbi ashirin kaɗai ya rage. Ya aika da sunansa. Kafin la'asar an turo masa takardar karɓa, da tambarin kamfani da sa hannun wani wai shi manaja. A ƙasanta an rubuta cewa ya biya naira 7,500 kuɗin fom kafin ƙarfe goma sha biyun gobe, in ba haka ba a ba wani. Idan ya biya, bayan kwana biyu za a ce saura naira 12,000 na gwajin lafiya da katin shaida. Idan ya biya wannan, sai kuɗin rigar aiki da takalmi. Macuci ba ya fara da babban kuɗi. Yakan fara da abin da uba zai iya cirewa daga aljihu ba tare da shawara da kowa ba, sa'an nan kowane biya ya zama dalilin na gaba, domin mutum ba ya son abin da ya riga ya zuba ya tafi a banza.

Tun daga takardar farko akwai abin tuhuma, gama an ɗauki yaron ba a gan shi ba, ba a tambayi abin da yake karantawa ba, ba a kuma nemi takardar makarantarsa ba. Amma babbar shaida tana wurin asusun da aka ce a tura kuɗin. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya ko wurin mai POS ya san cewa da zarar an shigar da lambar asusu, sunan mai asusun yakan bayyana kafin a tabbatar. A tsaya a karanta wannan suna. Idan takarda ta ce kamfani, asusu kuma ya nuna sunan wani mutum, magana ta ƙare, ko da an ce wai shi ne akawun kamfanin. Idan kuwa da sunan hukumar Gwamnatin Tarayya aka zo, abin ya fi sauƙi. Tun 1999 zuwa yau an sauya abubuwa da yawa, amma wanda ya shafe mu shi ne na 2015, lokacin da aka tilasta wa ma'aikatu da hukumomin tarayya zuba kuɗin shigarsu a asusun bai ɗaya da ke Babban Bankin Nijeriya. Biyan kuɗi ga irin waɗannan hukumomi ta wannan asusu yake bi, da lambar biya da rasit. Jami'in da ya ce a tura masa a asusunsa, ko macuci ne daga waje ko ɓarawo ne daga ciki.

Akwai kuɗin da yake halal, kada a rikita su. Makaranta takan karɓi kuɗin littafin aiki ko na shirin SIWES, amma a asusun makaranta ake biya, a ba da rasit, kuma kowane ɗan aji ya san da shi. Haka nan akwai cibiyoyin koyar da kwamfuta ko ɗinki da suke karɓar kuɗin koyarwa a fili. Wannan makaranta ce, mutum ya ga ajin, ya ga malamin, ya yi ciniki. Abin ƙi shi ne a kira abu ɗaukar aiki, a yi alkawarin albashi, sa'an nan a ce sai an biya za a ga ƙofar wurin. Shirin N-Power da aka fara a 2016, da shirin NJFP na 2021 mai tura waɗanda suka gama jami'a ma'aikatu na shekara guda, duka kyauta aka yi rajistarsu, duk da haka an yi ta buɗe shafunan ƙarya da sunan irin waɗannan shirye-shirye. Adireshin shafin hukumar gwamnati galibi da `.gov.ng` yake ƙarewa. Wasiƙar da ta zo daga adireshin `gmail.com` tana ikirarin ma'aikatar tarayya ce, a ajiye ta gefe.

Wasu sukan ce sun duba sunan kamfanin a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, sun same shi da lambarsa. Wannan yana da kyau, amma iyakar abin da ya nuna shi ne akwai kamfani mai wannan suna. Bai nuna cewa daga gare su takardar ta fito ba, domin macuci sunan kamfanin gaske ya fi son ara. Saboda haka kada a kira lambar da ke jikin takardar don neman tabbaci, wanda ya rubuta ta shi zai amsa. Ɗalibin namu na Barunde ya hau Keke Napep ya kai takardar ofishin SIWES na jami'arsa a Tudun Wada, ya nuna wa jami'in da ke lura da shirin. Idan kamfanin yana da ofis a Gombe, ya je da ƙafarsa ya tambayi sashen ma'aikata ko sun san da ita. Kuɗin motar bai kai rabin kuɗin fom ɗin ba.

Wanda ya riga ya biya, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya daina turawa nan take, ko da an yi masa barazanar cewa na farkon zai salwanta. Ya adana rasit da saƙonnin da lambar asusun, ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙara a rubuce, gama macuta ba sa barin kuɗi ya kwana, kuma ba kullum ake samun dawo da shi ba. Idan ya ba da lambar sirrin katinsa ko lambar OTP da banki ya turo masa, a rufe katin kafin komai. Daga nan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Gombe. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai zuwa ashirin ga wanda aka kama da karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Ya kuma sanar da zauren da ya ga saƙon, domin takardar da aka turo masa an tura wa sauran 'yan ajinsu, suna kawai aka sauya.